Makirufo biyu a gaban amfilifaya ɗaya: me ya sa gitar ke ramewa in na haɗa su?

Nura Kaduna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman wanda zai warware min wani abu. Ina ɗaukar gitar wani yaro a ɗakin aikina, ƙaramar amfilifaya ce mai sifika ɗaya. Na manna makirufon SM57 a jikin ƙyallen gaban sifikar, sai na ja baya da makirufo na biyu, kondensa, kamar santimita 30 daga inda na farkon yake, don in samu ɗan iskar ɗakin. Kowanne da layinsa a Cubase, a 48 kHz, kuma na daidaita ƙarfinsu kusan kai ɗaya.

In na saurari SM57 shi kaɗai, gitar na da nama, tana da cizo. In na saurari kondensa shi kaɗai, lafiya lau, har ya fi faɗi. Amma da zarar na buɗe su tare sai sautin ya rame, ya koma kamar ana kaɗawa daga cikin bututun ruwa. Ƙara ƙarfi bai gyara ba, EQ ma bai gyara ba. Na ɗaga tsakiyar har dB 6, ramin na nan. Wani ya ce min matsalar fes ce. Ta ina zan kamo bakin zaren? Mai gitar ya riga ya tafi, sai Asabar zai dawo.

Danjuma Waya:
Wa alaikumus salam. In dai fes ne, duba wutar gidan tukuna. Wani lokaci layi ɗaya yakan yi ƙasa, amfilifaya ba za ta ba da ƙarfinta ba. Ka gwada mai da ita kan wani layin, ko ka tada janareto ka ji. Kuma ka tabbata kwamfuta da amfilifaya suna soket ɗaya, in ba haka ba za ka ji gurnani.

Nura Kaduna:
Na gode Oga Danjuma, amma babu gurnani ko kaɗan, kuma kowane makirufo shi kaɗai tsaf yake. Da wuta ce ai da na ji ta a kowannensu.

Sadik Bits:
Ba wuta ba ce wannan. Abokina abu ne mai sauƙi, je ka layin kondensar ka danna maɓallin Ø. Shi ke nan. An yi shi ne don wannan aikin. Makirufo biyu in suna faɗa, ka juya ɗaya, su shirya. Nan gaba kuma ka riƙe dokar uku bisa ɗaya: na biyun ya yi nisan na farko sau uku, ba za ka sake ganin matsalar ba.

Nura Kaduna:
Na danna yanzun nan. Ya canza kam, amma ban ce ya gyaru ba. Wancan bututun ya tafi, sai dai ƙasan gitar ya zube gaba ɗaya. Tsirkiyar sama mai kauri kamar babu ita. Yanzu sai ka ce ta cikin wayar hannu ake jin ta. Wanne zan bari, na dā ko na yanzu?

Malam Habu:
Kada ka bar ko ɗaya, Nura. Abin da ka ji bayan danna maɓallin shi ne ya nuna mana inda ciwon yake, don haka shawarar Sadik ta yi amfani, sai dai magani ne na wata cutar daban.

Sifika tana tura iska gaba, ta ja ta baya, haka take yi ɗaruruwan lokuta a cikin sakan ɗaya. Wannan turi da jan shi ne ke tafiya cikin iska, kuma yana da saurinsa, kimanin mita 343 a sakan. Kondensarka tana bayan SM57 da santimita 30, saboda haka duk abin da SM57 ya ji, ita sai bayan ɗan lokaci take jin sa. Lissafin ba shi da wuya:

```
t = 0.30 / 343 = 0.000875 s
f = 1 / (2 × t) = 571 Hz
```

Wato jinkirin bai kai milisakan ɗaya ba, 0.875 ne. Kunne ba ya jin wannan a matsayin amsa kuwwa, ya yi gajarta da yawa. Amma a wajen 571 Hz, wannan jinkirin daidai yake da rabin zagayen sautin. Lokacin da layin SM57 ke cewa tura, layin kondensa na cewa ja. Kamar mota ce ta mutu, wani na turi ta baya, wani na turi ta gaba da ƙarfi iri ɗaya: kowa na gumi, motar ba ta motsa ba. Ramin da kake ji ke nan. Kuma ba ɗaya ba ne, akwai wani a wajen 1,700 Hz, wani a wajen 2,860 Hz, haka suke jere har sama, a tsakaninsu kuma sautin ya ƙaru. Shi ya sa ya zama kamar bututu. Shi ya sa kuma EQ ya kasa. In ka ɗaga 571 Hz, ka ƙara wa mai turin gaba da mai turin baya ƙarfi ne gaba ɗaya.

Da ka danna Ø ba ka taɓa jinkirin ba, yana nan yadda yake. Abin da maɓallin ya yi shi ne ya mai da kowane turi ja, kowane ja turi, a layi ɗaya. Sai wuraren da dā suke taimakon juna suka koma faɗa, na faɗa suka koma taimako. Ramuka suka tashi daga 571 suka koma wajen 1,140 da 2,290. Mafi muni, ƙasan sautin ya tafi. Tsirkiyar gita mafi kauri tana wajen 82 Hz, tsawon zagayenta ɗaya a iska ya haura mita 4. Santimita 30 ba komai ba ne a wurinta, dā ma makirufon biyu kusan baki ɗaya suke a kanta. Kai ka juya ɗaya ka haɗa su faɗa.

Don haka mai da maɓallin yadda yake. Matsalarka ta lokaci ce, da lokaci za a gyara ta.

Nura Kaduna:
Allah ya saka da alheri, Malam. Yanzu na gane dalilin da ya sa ƙasan ya gudu. To yaya ake gyara lokacin, tunda an riga an ɗauka?

Malam Habu:
A kwamfuta wannan ba ya cin minti goma. Ɗora layukan biyu ɗaya a kan ɗaya. Nemi wurin da mai gitar ya fara bugu bayan shiru, bugu mai kaifi, ba tsakiyar dogon sauti ba. A tsakiyar dogon sauti kowane tudu kama yake da ɗan uwansa, kana iya daidaita tudu na farko da na biyu ba ka sani ba. Ka buɗe hoton sosai har ka ga layin yana tashi daga kwance. Za ka ga SM57 ya fara tashi, kondensa ta biyo baya. Mai da ma'aunin saman allo zuwa Samples, ka auna tazarar. A 48 kHz milisakan ɗaya samful 48 ne, don haka ina sa ran ka ga kusan 42.

Ka duba abu ɗaya kafin ka ja komai: farkon motsin, duka biyun sama suka yi, ko ɗaya sama ɗaya ƙasa? In duka gefe ɗaya suka nufa, ba ruwanka da Ø. In sun saɓa, to akwai abin da ya juya ɗayan, nan ne maɓallin ke da aiki.

Daga nan ka kashe Snap, ka jawo kondensar baya har farkonta ya hau kan farkon SM57. In ba ka son taɓa abin da aka ɗauka, yi amfani da Track Delay a gefen layin ka sa masa lamba mai ragi. Hanya ta uku ita ce ka jinkirta SM57 ɗin maimakon ka jawo kondensar, sakamakon ɗaya ne.

Sannan ka tabbatar da kunne, kada ka tsaya a ido. Sa su duka a tsakiya, ka danna Ø da gangan a kan ɗaya, ka riƙa matsar da layin samful ɗaya gaba, ɗaya baya. Inda sautin ya fi ƙanƙancewa, ya fi muni, nan ne daidai. Sai ka cire Ø ɗin. Kunne ya fi saurin gane inda sauti ya ɓace a kan inda ya fi cika, shi ya sa ake bi ta wannan hanyar.

Sadik Bits:
Malam na yarda da zancen maɓallin. Amma dokar uku bisa ɗaya fa? Kowa na faɗin ta. Kuma in ka duba, Nura ma ya wuce ta: ɗaya na santimita 2 ko 3 daga sifika, ɗaya na sama da 30. Ya fi sau goma. Me ya sa ba ta cece shi ba?

Malam Habu:
Tambayar nan taka ita ce amsar, Sadik. Dokar gaskiya ce, amma ta wani zama ce. An yi ta don inda abubuwa biyu ke da makirufo biyu, kamar mawaƙa biyu a jere kowa da nasa. In tazarar da ke tsakanin makirufon ta ninka tazarar bakin kowa da nasa sau uku, muryar wancan za ta shigo nan da rauni, ƙasa da kusan dB 9 zuwa 10. Dokar ba ta hana jinkiri, raunana wanda ya makara kawai take yi har faɗansa ya daina ciwo.

Nura kuwa abu ɗaya yake ɗauka da makirufo biyu, kuma ya ce ya daidaita ƙarfinsu kai ɗaya. Wato duk raunin da nisa ya jawo wa kondensar, ya mai da mata shi da hannunsa. Dokar ta tashi daga nan.

Amma akwai abin ɗauka a ciki. Zurfin ramin ya dogara ne da yadda ƙarfin biyun ya yi kusa. In kai ɗaya suke, ramin ya kai ƙasa. In ɗaya na ƙasa da dB 6, ramin kusan dB 6 ne. In yana ƙasa da dB 10, ramin ya koma kusan dB 3. In ya kai dB 20, bai cika dB 1 ba. Don haka wanda ke kan miksa a wurin biki, babu kwamfuta, babu lokacin aune-aune, ya zaɓi makirufo ɗaya ya zama uban tafiya, ya sauke ɗayan sosai. Ba gyara ba ne, amma zai kai shi gida.

Nura Kaduna:
Na auna. Duka biyun sama suka fara. Tazarar 41 na gani, ba 42 ba. Na jawo, na yi gwajin Ø ɗin, a 41 ɗin ya fi mutuwa. Da na cire maɓallin, wallahi gitar ta dawo. Ƙasan ya cika, tsakiyar ta fito, na ma cire EQ ɗin da na sa. Ko 41 ɗin na nufin akwai wani abu?

Malam Habu:
Babu komai. 343 ɗin nan na iska mai digiri 20 ne. In ka rufe ƙofa da taga ka kashe fanka don ɗauka, ɗakin zai iya kai 35, sautin kuma a wannan zafin yana gudun kusan mita 352 a sakan. Sa wannan a lissafin, 41 zai fito. Ban da haka, samful ɗaya milimita 7 ne kacal, kuma tef ɗinka daga ƙarfen waje ya auna, alhali fatar da ke jin sautin tana can ciki. Lissafi yana nuna maka unguwar ne, hoton da kunne su ke nuna gidan.

Ladi Jos:
Sannunku. Ina ta bin maganar nan don nawa ya yi kama da shi, sai dai ganguna ne. Ni ke kan miksa a majami'armu. Muna da makirufo a saman sneya da wani a ƙasanta, ɗaya a kik, biyu a rataye a sama. Tun da muka fara watsa sujada kai tsaye mutane ke cewa a waya gangunan ba su da nauyi, sneyar kamar ana buga kwali. A cikin ɗaki ba a ji, saboda gangar kanta tana cika wurin.

An ce min na ƙasan sneya kullum ana danna masa Ø. Na danna, sai ya ƙara ramewa. Na cire, ya fi. Ke nan zancen ba gaskiya ba ne?

Sadik Bits:
Anti Ladi wannan kam dole ne a danna. Sanda ta sauka, fatar sama ta gudu daga makirufon sama, fatar ƙasa ta nufo makirufon ƙasa. Ɗaya na jin ja, ɗaya na jin turi. Ko kalangu ka sa wa makirufo a bakinsa biyu haka ne. Ƙila ba layin da ya dace kika danna ba.

Ladi Jos:
Layin ne, ƙanena. Ni na rubuta sunayen a jikin miksar.

Malam Habu:
Bayanin Sadik daidai ne wannan karon, nan ne gidan maɓallin na gaskiya, saboda makirufon suna fuskantar juna ne, ba wai ɗaya ya makara ba. Haka ma wanda ya sa makirufo a bayan amfilifaya mai buɗaɗɗen baya. Amma kunnen Ladi ma bai yi ƙarya ba. Abin da na fi zato shi ne wani abu ya riga ya juya ɗayan kafin ya iso miksa, da kika danna sai kika mai da shi faɗa.

Wanda aka fi kamawa da wannan shi ne wayar makirufo. Kan XLR ƙafa uku gare shi: 1 ta ƙasa ce, 2 da 3 su ke ɗauke da sautin. In wanda ya yi sodar ya musanya 2 da 3 a kai ɗaya, wayar za ta yi aiki lafiya, babu gurnani, babu alama, sai dai duk abin da ya bi ta cikinta a juye yake fita. Ana iya shekara da ita ba a sani ba, sai ranar da aka haɗa ta da wata a kan ganga ɗaya.

Gwajin ba ya buƙatar na'ura. Ɗauko makirufo biyu iri ɗaya, ki haɗa kawunansu wuri ɗaya, kowanne da wayarsa, ƙarfi ɗaya, duka a tsakiya, babu Ø. Ki yi magana a gabansu. In buɗe na biyu ya ƙara wa muryar kauri, wayoyin sun yarda da juna. In muryar ta sirance, ɗaya a juye take. Sai ki riƙe waya ɗaya da kika amince da ita ki gwada sauran da ita ɗaya bayan ɗaya. In kina da mitar awon wuta, duba ko 2 na zuwa 2, 3 na zuwa 3. Har wayar dogon zango da ke tahowa daga dandamali ki gwada.

Danjuma Waya:
Wannan kam na sha gani a wayoyin da ake kawo min gyara. Buɗe kan kawai za ki yi, lambobin suna rubuce a jikin robar. Launin da ya hau 2 a wannan kan, shi zai hau 2 a wancan. Minti biyar ne da ƙarfen soda.

Ladi Jos:
Zan gwada kafin gwajin mawaƙa na Juma'a. Na saman nan biyu fa? Don ko na kashe na ƙasan sneyar gaba ɗaya, da na ɗaga su nauyin yana raguwa.

Malam Habu:
Wannan shi ne babban aikin, kuma kashi biyu ne.

Na farko tsakanin su biyun ne. Sneya ba a tsakiyar gangunan take ba, tana gefe, don haka in an rataye su don su yi kyau a ido, ɗaya zai fi kusa da ita. A ce ɗaya na santimita 100 daga tsakiyar fatar, ɗaya na 115. Bambancin 15 ne, ramin farko zai faɗo wajen 1,140 Hz. A hedfon ba za ki ji shi sosai ba, tunda ɗaya na kunnen hagu ɗaya na dama, ba su haɗu ba. Amma wayar da ke da sifika ɗaya tana zuba hagu da dama wuri ɗaya, nan faɗan yake fitowa. Shi ya sa masu kallo a waya suka riga ki ji. Maganinsa igiya ce ko guntun waya: a danne kai ɗaya a tsakiyar sneyar, a miƙa zuwa bakin makirufon farko, a riƙe wurin da yatsa, a juya zuwa na biyu. A matsar da shi har ya taɓa yatsan. Tsarin nan da ake kira da sunan Glyn Johns ma a kan wannan awon ya tsaya, makirufo biyu masu nisa ɗaya daga sneya. Kuma ki saba da danna mono a miksa duk lokacin da kike gwaji.

Na biyu tsakanin na saman da na jikin sneyar ne. Kusan mita ɗaya ke tsakaninsu, jinkirin milisakan 2.9 ke nan, ramin farko kuma a wajen 170 Hz. Can ne kuwa jikin sneya yake, wancan dum ɗin da ke ƙarƙashin tas. To a nan Ø yakan taimaka duk da matsalar ta lokaci ce, saboda yana ɗauke ramin daga 170 ya kai shi wajen 340, inda sau da yawa dā ma ake rage wa ganguna. Abin da ya cuci Nura shi zai iya taimakon ki, nisan ne ya bambanta.

Ki bi su a jere. Buɗe na saman biyu su kaɗai a mono, ki tabbata sun zauna. Ɗago kik a hankali, danna Ø, cire, ki bar inda ya fi nauyi. Ɗago saman sneya, yi haka. Sannan na ƙasan, ki gwada shi da na saman. In daga baya kika canza na saman sneyar, ki tuna na ƙasan ma sai ya canza tare da shi.

Sadik Bits:
Ni a kwamfuta ba na wannan wahalar. Ina jawo na saman su hau kan sneya kamar yadda Nura ya yi wa gitarsa, ko in sa Auto-Align ya yi min duka. Bugun yana fitowa kamar harsashi. Miksocin dijital ma da yawa suna da jinkiri a kowane layi, Anti Ladi za ta iya jinkirta sneyar da milisakan 2.9 ta huta.

Malam Habu:
Za ta iya, kuma yana aiki a kan sneyar. Inda nake ja da baya shi ne, gitar Nura sifika ɗaya ce a wuri ɗaya, jinkiri ɗaya ne, lamba ɗaya ta gama shi. Ganguna kuwa biyar ne ko shida, kowacce da nisanta daga kowane makirufo. Makirufon sneya ba sneya kaɗai yake ji ba, yana jin kik, yana jin faifan da ke gefensa. In ka jinkirta shi don sneya ta hau daidai, ka jinkirta waɗancan ma, ka buɗe sabon rami a wani wurin. Sannan wannan 'yar makarar ta na saman tana cikin abin da ke sa kunne ya ji gangunan suna cikin ɗaki. In ka share ta duka, bugun ya yi kaifi amma ya manne a fuska.

Sadik Bits:
To ai kiɗan da muke yi yanzu haka ake so, ya manne a fuska. Ganga ta gaske tana zama ne kusa da bugun kwamfuta, in ta yi laushi sai a ji ta a baya. Ni dai duk wanda na yi wa bai dawo da ƙorafi ba.

Malam Habu:
Ban musa ba. A irin wannan kiɗan ni ma zan gwada. A sujada mai mawaƙa talatin ban tabbata zan so shi ba. Ladi ta gwada biyun ta ji a waya.

Nura Kaduna:
Malam in dawo kan tawa. Yanzu ƙasa da tsakiya sun zauna, amma can sama akwai ɗan wani abu, kamar ƙarfe-ƙarfe, wanda babu shi a SM57 shi kaɗai. Kuma da na yanke ƙasan kondensar daga 150 Hz, sai na ji nauyin ya sake canzawa fiye da abin da na yanke.

Malam Habu:
Duka biyun iyakar wannan gyaran ne. Jawo layi yana daidaita sautin da ya taho kai tsaye daga sifika. Amma kondensar tana jin na biyu, wanda ya bugi ƙasa ya taso, kuma wannan a cikin layinta yake, ba ya jawuwa. In amfilifayar a kan tayil ko siminti take, shi ne kake ji. Su kansu makirufon biyu ba gini ɗaya ba ne, kowanne da yadda yake amsa sama, don haka ba za su taɓa zama abu ɗaya sak ba. Sauke kondensar da dB 5 ko 6 ka ji ko ya kwanta.

Yankan kuma, irin EQ ɗin da muke amfani da shi kullum yana karkata fes a kewayen inda ya yanka. Ka yi wa layi ɗaya ka bar ɗayan, sai suka sake saɓawa a wajen 150 ɗin. Tura su biyun zuwa layi ɗaya na haɗaka, ka yi yankan a can.

Ranar Asabar in yaron ya dawo, gyara shi tun daga tushe. Ɗora amfilifayar a kan kujera, ka shimfiɗa darduma a gabanta. In kauri kake nema, ba iskar ɗaki ba, jera makirufon biyu kafaɗa da kafaɗa, fatar cikinsu a nisa ɗaya daga sifika. Kada ka bi kan ƙarfen waje: fatar SM57 tana ɗan bayan kansa, ta kondensa tana tsakiyar ragarta, haska tocila za ka gan ta. Santimita 5 na saɓani ya isa ya haƙa rami a wajen 3,400 Hz, inda cizon gitar yake. Don ka tabbatar, a sauke ƙarfin gitar, ka ɗaga na amfilifayar har ta riƙa wannan shuuu ɗin nata, sa hedfon, danna Ø a kan ɗaya, ka riƙa matsar da shi a hankali har shuuu ɗin ya kusa ɓacewa. Ɗaure shi a nan, cire Ø, ka mai da ƙarfin amfilifayar ƙasa kafin ya taɓa tsirkiya, don kunnenka.

In kuma iskar ɗakin kake so da gaske, santimita 30 ba nan ba can ba ne. Kai ta mita ɗaya da rabi ko biyu, inda abin da take ji ya bambanta sosai da na kusa, ka ajiye ta ƙasa-ƙasa a haɗin.

Nura Kaduna:
Na sauke ta da dB 6, na mai da yankan kan layin haɗaka, ƙarfe-ƙarfen ya ragu sosai, saura kaɗan. A kan tayil take kuwa. Asabar zan ɗauki biyun, na jere da na nesa. Ɗakin nawa mita uku ne da ɗan wani abu, ban sani ba ko mita biyun za ta yi kusa da bango da yawa.

Ladi Jos:
Na samu shiga yau da yamma. Waya biyu cikin tara a juye suke, ɗaya kuwa ita ce ta saman sneyar. Na ware su. Na saman nan biyu kuma bambancin nisansu daga sneya ya fi tafin hannu, na daidaita da igiya. Jinkirin da Sadik ya ce ban taɓa ba tukuna, sai mai gangar ya zo Juma'a.